Dala, Ganga, Tulu da Kalangu: Karatun Zanen Shekarun Jama'a Daga Aliero

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin labarin ƙasa ya taɓa ganin wani zane mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake cewa shi ne hoton jama'ar Nijeriya. A gefensa akan ajiye wani mai siririn gindi da ƙaton ciki, a ce wannan na Japan ne. Daga nan sai a yanke hukunci: mai faɗin gindi ƙasa ce mai ƙaruwa, mai siririn gindi kuwa ƙasa ce mai tsufa. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya wuce.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, hukuncin nan yana da gaskiya a cikinsa, amma gaskiyar ba ta cika ba. Siffar zanen kaɗai ba ta isa a ce jama'a na ƙaruwa ko tana tsufa. Sai an karanta shi mataki-mataki, kuma sai an tambayi yadda aka samo shekarun da aka zana. Wannan tambaya ta biyu ita ce ta jawo ni na kawo batun gaban masana Hausa, domin a wuri irin Aliero da Jega da Maiyama, da Hausa ake tambayar mutum shekarunsa, da Hausa kuma yake amsawa. Abin da ya ɓace tsakanin tambayar da amsar yakan fito a jikin zanen, sai mai karatu ya ɗauka halin jama'a ne, alhali kuwa halin tambaya ne.

Yadda ake gina zanen

Zan kira wannan zane dalar shekaru, domin Bahaushe ya san dala tun zamanin da ake jibge buhunan gyaɗa a Kano. Ginin nata ba shi da wuya. Ana raba jama'a rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: daga haihuwa zuwa 4, daga 5 zuwa 9, daga 10 zuwa 14, har zuwa sama. Kowane rukuni mataki ne guda. Jarirai suna ƙasa, tsofaffi suna ƙololuwa. Ana ja layi a tsakiya, maza su kasance hagu, mata dama. Tsawon kowane mataki shi ke nuna yawan mutanen da ke cikinsa, ko dai a adadi ko a kashi cikin ɗari.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, kowane mataki tsara ce guda, wato mutanen da aka haifa a lokaci ɗaya. Idan aka zana dala a 2025, matakin 50 zuwa 54 na waɗanda aka haifa tsakanin 1971 da 1975 ne, shekarun babban farin nan da ya addabi ƙasar Hausa. Ke nan dala littafin tarihi ce da ake karantawa daga sama zuwa ƙasa. Abubuwa uku ne kaɗai ke iya tsawaita mataki ko gajarta shi: yawan waɗanda aka haifa a tsarar, yawan waɗanda suka rasu daga cikinta, da yawan waɗanda suka fita ko suka shigo. Na huɗunsu ba na jama'a ba ne, na mai ƙidaya ne, wato kuskure.

Littattafan makaranta sun saba da siffofi uku. Akwai dala sosai, mai faɗin gindi, wadda kowane mataki ya fi na samansa tsawo. Akwai mai kama da ganga, wadda matakanta kusan tsawonsu ɗaya har zuwa shekarun tsufa. Akwai kuma mai kama da tulu, mai ƙaramin gindi da kumburarren ciki. Rabon ya daɗe. Tun wajejen 1900 wani masanin ƙididdiga na ƙasar Suwidin mai suna Sundbärg ya kasa jama'a gida uku: yara 'yan ƙasa da 15, manya daga 15 zuwa 49, da 'yan 50 zuwa sama. Ya lura cewa rukunin tsakiya kusan kullum rabin jama'a ne. Bambancin yana ga sauran biyun: idan yara sun kai kashi 40 cikin ɗari, manyan shekaru kashi 10, jama'ar mai ƙaruwa ce, idan yara kashi 20 ne, manyan shekaru kashi 30, jama'ar mai ja da baya ce.

A bisa wannan ma'auni babu gardama a kan ƙasashen da ke gefe da gefe. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai 15 ba. A Nijeriya yara sun haura kashi 40 cikin ɗari, 'yan 65 zuwa sama kuwa kimanin kashi 3 ne. A Japan yara kimanin kashi 11 ne, 'yan 65 zuwa sama kimanin kashi 29. Rikicin yana tasowa ne a tsakiya, da kuma lokacin da aka sauko daga ƙasa zuwa jiha ko ƙaramar hukuma.

Faɗin gindi yana da dalili biyu

A dala mai faɗin gindi, me ya sa matakin 20 zuwa 24 ya fi na jarirai gajarta? Amsa biyu ce. Ko dai shekara ashirin da suka wuce an haifi yara ƙasa da na yanzu, ko kuma an haife su da yawa amma mutuwa ta rage su a hanya. Ta farko ƙaruwa ce, ta biyu asara ce, amma a kan takarda duk siffa ɗaya suke bayarwa. Hasali ma, al'ummomin da can, waɗanda haihuwa da mutuwa suka yi musu yawa tare, sun kasance da dala mai faɗin gindi alhali yawansu kusan a tsaye yake.

Wannan ba zancen tarihi kaɗai ba ne a wajenmu. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi, a ƙasa baki ɗaya kuwa 5.3. Binciken ya kuma nuna cewa a Jihar Kabi, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 252 ba sa kaiwa shekara biyar, adadin da ya fi na kowace jiha. Wato ɗaya cikin huɗu. Saboda haka, gangaren dalar Kabi aikin hannu biyu ne: haihuwa tana faɗaɗa gindin, mutuwar yara tana sassaƙe shi. Wanda ya dubi faɗin kaɗai ya ce jama'a na ƙaruwa, bai yi ƙarya ba, amma ya rufe ido ga rabin labarin.

Daga nan wani abu mai ban mamaki yake fitowa. Mutane da yawa suna zaton raguwar mutuwa ita ke tsofar da jama'a. A matakin da muke, akasin haka ne. Idan rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro da abinci mai gina jiki suka ceci yaran Kabi, waɗanda za su ƙaru yara ne, don haka gindin dala zai ƙara faɗi, jama'a ta ƙara ƙuruciya. Abin da ke fara tsofar da jama'a shi ne raguwar haihuwa. Tsufan ƙasa daga gindi yake farawa: idan jarirai suka ragu, rabon tsofaffi cikin ɗari zai hau ko da ba a ƙara wa kowa tsawon rai ba.

Misali da lissafi

Bari mu ƙaga wani gari na mutum 1,000, da alƙaluman da na tsara domin bayani kawai, masu kama da tsarin da ake gani a yankinmu. A matakin farko akwai yara 180, a na biyu 150, a na uku 125. Jimlar yara 455 ke nan. Masu shekara 15 zuwa 64 su 515 ne, tsofaffi 'yan 65 zuwa sama su 30.

Tambaya ta farko da za a yi wa dalar ita ce: matakai uku na ƙasa, hawa suke yi ko sauka? A nan 180 ya fi 150, shi kuma ya fi 125. Babu alamar cewa haihuwa ta fara ja da baya a adadi.

Tambaya ta biyu ita ce ta nauyi. Idan aka haɗa yara 455 da tsofaffi 30, aka raba da 515, za a ga kowane mutum 100 da ke shekarun aiki yana ɗauke da kimanin 94. Abin lura shi ne, cikin 94 ɗin nan 88 yara ne, 6 kaɗai tsofaffi. A Japan nauyin ya karkata ne ga tsofaffi. Nauyin yaro makaranta ce da asibitin haihuwa da abinci, kuma yana juyewa ya zama ƙarfin aiki nan da shekara goma sha biyar. Nauyin tsoho kuwa fansho ne da jinya. Wanda ya kawo adadin nauyi bai raba shi biyu ba, bai faɗi komai ba tukuna.

Tambaya ta uku ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa. A ɓangaren dama na dalar ake samun amsarta: 'yan mata nawa ne ke dab da shiga shekarun haihuwa, mata nawa ne kuma ke dab da fita? A garinmu mu ce matan da ke tsakanin 15 da 49 su 225 ne, kuma a kowace shekara ɗaya cikin biyar tana haihuwa. Jarirai 45 ke nan a shekara. A matakin 10 zuwa 14 akwai 'yan mata 60, a matakin 45 zuwa 49 akwai mata 16. Nan da shekara biyar, 60 za su shiga, 16 za su fita, mu ce 5 sun riga mu gidan gaskiya. Matan sun koma 264. Yanzu a ɗauka haihuwa ta ragu da kashi ɗaya cikin goma, wato maimakon mata 20 cikin ɗari su haihu a shekara, 18 ne ke haihuwa. Sai mu sami jarirai kimanin 48. Kowace mace ta rage haihuwa, amma jarirai sun ƙaru daga 45 zuwa 48, domin iyayen sun yi yawa.

Wannan shi ne ƙarfin tunkuɗa da ke ɓoye a cikin dala. Iyayen gobe an riga an haife su, suna nan suna tallar albasa ko suna ajin firamare. Shi ya sa duk da binciken ƙasa ya nuna matsakaicin haihuwa ya sauko daga 5.7 a 2008 zuwa 5.5 a 2013, zuwa 5.3 a 2018, ajujuwan firamare ba su daina cika ba. Jami'in ilimin da ya ji an ce haihuwa na raguwa ya tsayar da gina azuzuwa, zai sha mamaki.

Ƙasar da ke tsufa tana kuma ƙaruwa

Iran ta ba mu misalin da ke rushe rabon nan na ko dai ƙaruwa ko dai tsufa. A ƙidayar 1986 mutanenta kimanin miliyan 49 ne, kuma mace takan haifi 'ya'ya wajen shida. Kafin shekarar 2000 ta wuce da nisa, adadin ya sauko zuwa kimanin biyu. Gindin dalarta ya tsuke, ta fara kama da tulu. Duk wanda ya haddace siffofi uku zai ce jama'ar Iran ta daina ƙaruwa. Amma a ƙidayar 2016 sun kai kimanin miliyan 80. Babbar tsarar da aka haifa a shekarun 1980 ita ce ta shiga aure, ko da kowace mace biyu ta haifa, jimlar ta yi yawa. Tsofaffin da ke rasuwa kuwa 'yan kaɗan ne. Ƙasar tana tsufa, tana kuma ƙaruwa a lokaci ɗaya.

Japan ma haka ta bi. Haihuwa ta faɗi ƙasa da 'ya'ya biyu ga kowace mace tun tsakiyar shekarun 1970, amma yawan jama'arta bai kai ƙololuwa ba sai wajejen 2008, da kimanin miliyan 128. Fiye da shekara talatin ke tsakanin tsukewar gindi da fara raguwa. Don haka tsufa da raguwa ba abu ɗaya ba ne. Tsufa sauyin rabo ne tsakanin matakai. Raguwa kuwa ita ce mutuwa ta fi haihuwa yawa. Na farko yakan riga na biyu da tsara guda ko fiye.

Dalar Japan ta kuma koya mana kada mu ɗauki kowace kafa a matsayin alƙibla. A matakin waɗanda aka haifa a 1966 akwai gibi, domin a shekarar haihuwa ta faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, saboda camfin da ke cewa 'yar da aka haifa a wannan shekara ta kalandarsu za ta zame wa mijinta masifa. A 1967 haihuwa ta dawo. Gibi ɗaya labarin shekara ɗaya ne. Sai matakai biyu ko uku sun jeru suna gajarta kafin a ce hanya ta sauya.

Siffa ta huɗu: kalangu

Idan aka sauko zuwa ƙaramar hukuma, ƙaura takan fi haihuwa da mutuwa tasiri a kan siffar dala. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kabi mutum miliyan 3 da dubu ɗari biyu da 'yan kai. Daga ciki Jega ta tasam ma dubu 200, Maiyama kimanin dubu 175, Aliero kuwa ba ta kai dubu 70 ba. A jama'a ƙarama kamar ta Aliero, shigar mutum dubu kaɗan ko fitarsu ta isa ta sauya kamannin zanen.

An yi ƙidayar ce a watan Maris, cikin rani, kuma an ƙirga kowa ne a inda aka same shi. Rani kuwa lokacin cin rani ne. Ƙauyen da samarinsa da magidantansa suka tafi neman kuɗi birni ko kudu, dalarsa za ta fito da faɗin gindi, da tsukakken ƙugu, da ɗan faɗi a sama. Wannan ita nake kira kalangu. Mai gaggawa zai ga rabon tsofaffi ya hau ya ce ƙauyen na tsufa. Ba haka ba ne: masu ƙarfin ne ba sa gida, kuma da faɗuwar ruwan farko za su dawo gona. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta hagu da dama. Idan ƙugun ya tsuke a ɓangaren maza kaɗai, na mata yana nan cike, tafiya ce ba raguwar haihuwa ba. Haka nan idan yara maza 'yan 5 zuwa 14 suka gaza mata sosai a ƙauye, suka kuma yi yawa a garin da ke da tsangayu, sai a tuna da almajirci kafin a nemi wani dalili.

Garin Aliero kansa yana fuskantar akasin haka. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin, wato a shekarar ƙidayar, don haka ƙidayar ba ta ga ɗalibanta ba. Duk wanda zai zana dalar garin a yau, lokacin da ake karatu, ya sa ran ganin kumburi a matakan 15 zuwa 29. Ga kuma 'yan ƙwadago da fatake da noman albasa ke jawowa, da majinyatan da ke zuwa wajen masu ɗorin da garin ya yi suna da su. Kumburin tsakiya irin wannan yana rage rabon yara cikin ɗari, har zanen ya yi kama da na ƙasar da haihuwarta ta ragu. Babban misalinsa a duniya shi ne Katar, inda baƙin ma'aikata maza suka kumbura ɓangaren hagu. Ɗalibin da zai kammala ya tafi ba ya cikin lissafin iyayen goben Aliero. Maganin shi ne a zana dala da adadi maimakon kashi cikin ɗari, a kuma ware mazauna daga baƙi.

Shekarunki nawa, Inna?

Yanzu mun iso inda masanin Hausa ke da ta cewa. Wata rana ina tattara bayanai a wani ƙauye da ke tsakanin Aliero da Jega, na tambayi wata dattijuwa: "Inna, shekarunki nawa?" Ta yi dariya ta ce: "Ɗan nan, wa ya ƙirga? Rubuta ɗari." Da na tambaye ta abin da take tunawa, sai ta ce tana goyon ɗanta na fari aka canja kuɗi aka kawo naira. An yi wannan ne a 1973. Macen da ke goyon fari a lokacin, da wuya ta wuce shekara ashirin. Ke nan tana cikin shekarunta na saba'in ne, ba ɗari ba. Da na rubuta abin da ta faɗa, da na ɗaga ta matakai biyar ko shida sama da nata.

Bahaushe yana da kalmomin zangon rayuwa masu yawa: jinjiri, yaro, ƙwaila, budurwa, saurayi, magidanci, dattijo, tsoho, gyatuma. Amma kalmomin nan matsayi suke aunawa fiye da shekaru. Yarinya 'yar sha huɗu da ke ɗakin miji ta zama matar aure, kuma mai ƙidayar da ke kintace zai ba ta sha takwas ko ashirin. Tsararta da ke gidan iyaye zai iya rage mata. Sakamakon shi ne matakin 10 zuwa 14 na mata ya rame, na samansa ya yi ƙiba. Wannan kuwa shi ne matakin da muka dogara da shi wajen lissafin iyayen gobe. A sama kuma, da yake shekaru daraja ce, dattijo yakan ƙara wa kansa, sai ƙololuwar dala ta fi gaskiya kauri.

A gindi matsalar ta fi tsanani. Akwai iyayen da ba sa son ƙirga 'ya'yansu a gaban baƙo don gudun baki. Akwai kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ambaton sunansa. Akwai riƙo, inda yaro ke hannun goggo ko kaka, kowane gida ya ɗauka ɗayan ne zai faɗe shi. Jinjirin da ba a yi sunansa ba ma akan tsallake shi. Duk waɗannan suna rage matakin farko. Idan aka ga matakin 5 zuwa 9 ya kai na ƙasansa tsawo ko ya fi shi, kada a yi saurin shelar cewa haihuwa ta faɗi. A fara duba rajistar rigakafi da ta awon ciki, a ga ko jariran sun ragu da gaske.

Akwai gwaji mai sauƙi na auna yawan kintace, wanda ake kira ma'aunin Whipple. A ɗauki duk waɗanda aka rubuta musu shekara 23 zuwa 62. Idan shekarun daidai suke, ɗaya cikin biyar ne kawai shekarunsa za su ƙare da 0 ko 5. A ƙirga waɗanda nasu suka ƙare da haka, a raba da kashi ɗaya cikin biyar na jimla, a ninka da 100. Misali, cikin mutum 400 ana sa ran 80. Idan aka sami 200, ma'aunin ya zama 250. Ƙasa da 105 alƙaluma ne masu inganci ƙwarai, 175 zuwa sama kuwa masu rauni ƙwarai ne, kuma a wannan aji na ƙarshe ƙidayoyin Nijeriya suka saba faɗawa. Haɗa shekaru biyar-biyar yana rage ɓarnar amma ba ya kawar da ita, domin an fi son 40 da 60 a kan 45 da 65. Mai shekara 38 da ya ce arba'in ya tsallaka mataki. Shi ya sa gefen dalarmu ke fitowa kamar haƙoran zarto.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Mai suka zai iya cewa: duk da kurakuran nan, ai ba wanda zai rikita dalar Kabi da ta Japan. Na yarda. Idan tambayar ita ce ko Nijeriya ƙasar yara ce, siffa kaɗai ta wadatar. Amma masu tsara makarantu da asibitoci ba wannan suke tambaya ba. Suna son sanin yara nawa za su nemi aji ɗaya a Maiyama nan da shekara shida, da kuma ko haihuwa ta fara sauka a garin Jega. Amsoshin suna cikin bambancin mataki da mataki, inda kuskuren kashi goma cikin ɗari ya isa ya juya hukunci. Ga shi kuma tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Dalolin da muke gani a yau hasashe ne da aka ɗora a kan tsohon tushe. Jinjirin da aka ƙirga a 2006 yanzu ya isa aure.

Wani kuma zai ce tsufan jama'a matsalar Turawa ce da mutanen Asiya. Kashi 3 cikin ɗari na mutum fiye da miliyan 200 ya haura miliyan 6. Rabon ƙarami ne, adadin babba ne, kuma yana ƙaruwa, domin kowane matakin da ke hawa sama ya fi wanda ya gabace shi faɗi. Sannan idan sauyin ya zo yakan zo da sauri: Faransa ta ɗauki fiye da shekara ɗari kafin rabon tsofaffinta ya tashi daga kashi 7 zuwa 14, Japan kuwa shekara 24 kacal, daga 1970 zuwa 1994.

Kammalawa

Shawarata biyu ce. Ta farko ga masu koyarwa: a daina tsayawa ga haddar siffofi. A koya wa ɗalibi ya kwatanta matakai uku na ƙasa, ya kwatanta 'yan matan da za su shiga shekarun haihuwa da matan da za su fita, ya kwatanta hagu da dama, sannan ya gwada ingancin shekarun kafin ya buɗe baki.

Ta biyu ga sassan nazarin Hausa. Masu ƙidaya kan yi amfani da jadawalin abubuwan tarihi don taimaka wa mutum gano shekarunsa, amma jadawalin ba ya aiki sai da sunayen da mutanen wurin suka sani. Rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙin dama a 1972, zuwan naira a 1973, farin 1984, rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988, ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, husufin rana na Maris 2006: waɗannan kowa ya san su. Sai dai kowace gunduma tana da nata, kamar naɗin hakimi, da shekarar ambaliya, da sunan da aka laƙaba wa wata yunwa. Tattara su daga bakin dattawan Aliero da Jega da Maiyama, da daidaita su da shekarun miladiyya da na hijira, aikin mai nazarin adabin baka ne, kuma ya isa kundin digiri na biyu. Haka nan tsara yadda za a tambayi uwa 'ya'yanta ba tare da an taka kunyar ɗan fari ba, aikin masanin harshe da al'ada ne. Idan ba mu yi shi kafin ƙidaya mai zuwa ba, za a sake rubuta wa Inna shekara ɗari, a bar jikanta na goye ba a ƙirga ba, sannan a zana dala a ce hotonmu ne.